Jerin Takardun da Muke Buƙata Kafin Fara Binciken Asusun Shekarar 2024

Kumasi, Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Zuwa ga Manajan Darakta,
Babban Ofishin Kamfani, Aboabo, Kumasi.

Kwafi: Manajan Kuɗi, Akanta, Sakataren Kamfani, Jami'ar Ma'aikata, Mai Kula da Sito.

Assalamu alaikum, Alhaji.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna sanar da ku cewa tawagarmu ta mutum huɗu za ta zauna a ofishinku daga Litinin 17 ga Fabrairu zuwa Juma'a 28 ga Fabrairu, 2025, domin binciken asusun shekarar da ta ƙare ranar 31 ga Disamba, 2024. Mun zaɓi waɗannan makonni biyu ne saboda ana sa ran kama azumi a farkon Maris, lokacin da cinikin shinkafa, sukari da man girki yake hana ma'aikatanku sakat, kuma saboda wajibi ne takardar harajin kamfani ta isa hukumar GRA cikin wata huɗu bayan rufe shekara, wato kada ta wuce 30 ga Afrilu. Mun raba takardun bisa ranar da muke buƙatarsu, kuma a gaban kowane rukuni mun ambaci jami'in da muka ɗora wa nauyin kawo su, kamar yadda muka daidaita da Manajan Kuɗi a zamanmu na makon jiya.

Rukuni na ɗaya: Juma'a 24 ga Janairu. Masu alhaki: Manajan Darakta da Manajan Kuɗi.

Wannan rana ce muke roƙon a fi kiyayewa, domin amsar abin da ke cikin wannan rukuni daga waje za ta zo, kuma ba mu da ikon hanzarta ta. Muna buƙatar wasiƙun izini zuwa ga kowane bankin da kamfani ya yi hulɗa da shi a 2024, ɗauke da sa hannun waɗanda bankin ya sani, domin bankin ya rubuto mana kai tsaye ya tabbatar da ragowar kuɗi, bashi, jingina da duk lamunin da aka tsaya wa wani. Wannan ya haɗa da asusun dala, da asusun reshen Tamale, har da asusun da aka rufe a tsakiyar shekara ko wanda babu ko kwabo a cikinsa. Ƙa'idar aikinmu ta hana mu karɓar amsar banki daga hannun wanda muke bincika, don haka idan wani banki ya miƙa wa masinjanku ambulan, a mayar masa ya aiko mana da kansa. Bara an sa hannu a waɗannan wasiƙu bayan mun riga mun fara aiki, amsa ta ƙarshe kuma ta iso bayan mako biyar, abin da ya sa muka sa hannu a rahoto saura kwana biyu wa'adin haraji ya cika.

A rana guda muna son cikakken jerin waɗanda kamfani yake bi bashi da waɗanda suke bin kamfani a ranar 31 ga Disamba, da adireshi da lambar wayar kowane, an nuna tsawon lokacin da kowane bashi ya ɗauka: ƙasa da kwana 30, kwana 30 zuwa 90, da abin da ya haura haka. Mun san yawancin masu sarin kayanku a Kejetia, Asawase da Techiman bisa amana ake ba su kaya, wasu tun zamanin iyaye, kuma ba kowa ne yake jin daɗin ganin wasiƙar odita tana tambayarsa nawa ake binsa ba. Saboda haka muna roƙon Alhaji ya sa a sanar da su tun da wuri cewa wannan al'adar aiki ce ta kowace shekara, babu zargi a cikinta. Mu ne za mu zaɓi waɗanda za a rubuta wa, kuma duk wanda bashinsa ya kai sidi 50,000 zai shiga cikin zaɓin. Wanda ba ya karatun boko, ɗaya daga cikinmu zai je shagonsa tare da mai karɓar bashinku a karanta masa, ya duba nasa littafin, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Rukuni na biyu: Juma'a 31 ga Janairu. Mai alhaki: Akanta.

Muna buƙatar jerin ragowar dukkan asusu a ƙarshen shekara wanda ɓangarorinsa biyu suka yi daidai, da babban littafin asusu na wata goma sha biyu, da daftarin bayanan kuɗi na shekara, duka a Excel domin mu iya tacewa da lissafi. A haɗo da bayanan banki na kowane asusu daga Janairu 2024 zuwa Janairu 2025, tare da takardar daidaita littafinku da na banki ta kowane wata. Watan Janairun bana zai nuna mana ko cekin da aka rubuta a ƙarshen Disamba sun fita. Layukan MoMo da ake karɓar kuɗin ciniki da su ma asusu ne a wurinmu, ko da an yi rajistar layin da sunan kashiya ko direba, don haka a nemo cikakken bayaninsu daga kamfanin waya a PDF. Hoton fuskar waya ba zai wadatar ba.

A nan ne kuma muke son jerin duk gyare-gyaren da aka shigar da hannu a littafi daga 15 ga Disamba zuwa ranar da aka rufe asusu, da dalilin kowane da sunan wanda ya amince da shi.

Rukuni na uku: Juma'a 7 ga Fabrairu. Masu alhaki: Mai Kula da Sito, da Manajan Kuɗi a kan abin da ya shafi shigo da kaya.

Wakilanmu sun halarci ƙidayar kaya ranar 31 ga Disamba a siton Aboabo da na Tamale, kuma kwafin takardun ƙidayar yana hannunmu. Abin da ya rage shi ne jerin ƙarshe mai ɗauke da farashin kowane kaya, da bayanin duk bambancin da ke tsakanin abin da aka ƙirga da abin da littafin sito ya nuna. Muna tunatar da buhunan shinkafa 212 da muka tarar a kusurwar gabas ta siton Aboabo, waɗanda ruwa ya taɓa har wasu suka dunƙule: a gaya mana nawa aka sayar da su a Janairu idan an sayar, domin ba za a rubuta su a farashin saye ba alhali kasuwa ba za ta biya haka ba. A kawo takardun rakiyar kaya goma na ƙarshe kafin rufe shekara da goma na farko bayanta, na shiga da na fita, tare da ainihin littafin da Mai Kula da Sito yake rubutu a ciki da biro. Sau da yawa wannan littafi ya fi na kwamfuta faɗin gaskiyar ranar da mota ta tashi.

Game da kayan da aka shigo da su ta tashar Tema, kowace kwantena ta zo da fayil ɗinta: takardar farashi daga mai sayarwa, takardar jirgi, takardar kwastan da aka ciro daga manhajarsu ta ICUMS, rasit na kuɗin fito da na wakilin da ya fitar da kaya, da kuɗin mota zuwa Kumasi. Tun da sidi ya faɗi sosai a kan dala cikin 2024, a nuna mana farashin canjin da aka yi amfani da shi ranar saye da ranar biya, sannan bashin dala da ya rage a ƙarshen shekara a juya shi da farashin Babban Bankin Ghana na 31 ga Disamba. Kayan da aka biya kuɗinsu amma suna kan teku ko a tasha a wannan rana, a yi musu jeri na dabam.

Rajistar kadarori ma a wannan rana muke son ta, da rasit da takardun mallakar tirelolin nan biyu da aka saya a watan Yuni, da inshorar motoci da ta sito.

Rukuni na huɗu: Laraba 12 ga Fabrairu. Masu alhaki: Jami'ar Ma'aikata, Akanta da Sakataren Kamfani.

Jami'ar Ma'aikata za ta kawo takardun albashi na kowane wata, jerin waɗanda aka ɗauka da waɗanda suka bar aiki, da shaidar biyan harajin albashi wanda wa'adinsa 15 ga watan da ke biye ne, da ta kuɗin fansho na SSNIT wadda wa'adinta 14 ga wata ne. Za mu sake lissafin kashi 13 cikin ɗari na kamfani da kashi 5.5 na ma'aikaci, mu kuma duba cewa kashi 5 na mataki na biyu ya isa hannun masu riƙon fansho. Kuɗin 'yan dako da ake biya kullum a ƙofar sito a kawo littafinsa yadda yake.

Akanta zai kawo takardun VAT na wata goma sha biyu tare da harajin lafiya, na GETFund da na korona da ke tafiya da shi a 2024, da bayanin da ya daidaita cinikin da aka bayyana wa GRA da wanda ke cikin littafi. A haɗo da rasit na harajin kamfani na kowane wata uku, takardun harajin da kuka cire daga kuɗin masu kawo kaya da masu gidan haya, shaidar wanda wasu suka cire daga kuɗinku, da duk wasiƙar da ta shiga tsakaninku da GRA. Rasit na takardar inji da ya fara dushewa a ɗauki kwafinsa yanzu, domin bara mun buɗe kwali guda muka tarar rabin abin da ke ciki ya koma fari fat.

Sakataren Kamfani zai kawo bayanan tarukan daraktoci da na masu hannun jari, rajistar masu hannun jari da ta ainihin masu cin moriyar kamfani kamar yadda Dokar Kamfanoni ta 2019 ta tanada, shaidar miƙa bayanan shekara ga Ofishin Magatakardan Kamfanoni, lasisin kasuwanci na ƙaramar hukumar Asokore Mampong, yarjejeniyoyin haya da na rance, da sunan lauyan kamfani idan akwai shari'ar da ke gaban kotu.

Akwai abu guda da muka bar wa Alhaji da kansa, shi ma zuwa 12 ga Fabrairu: jerin kuɗin da ya shiga ko ya fita tsakanin kamfani da daraktoci, iyalansu, ko wani kasuwancin da suke da hannu a ciki. Zakka, gudummawar masallaci da hidimar gida da aka biya daga asusun kamfani duk a rubuta su da sunansu. Babu aibi a cikinsu, sai dai doka ba ta lissafa su cikin kuɗin gudanar da kasuwanci, kuma gara mu ware su da kanmu kafin jami'in haraji ya ware su da tara a kai.

A sa wa kowane fayil lambar rukuninsa, a aiko ta hannun Manajan Kuɗi shi kaɗai, takardun asali kuma su zauna a ofishinku har mu zo. Idan wata takarda ta ɓata ko ba za ta samu a ranarta ba, a sanar da mu a rubuce kwana uku kafin wa'adin, domin mu nemi wata hanyar tabbatarwa. Jinkirin da ya tilasta mana komowa bayan 28 ga Fabrairu zai jawo ƙarin kuɗin aiki bisa yarjejeniyar da muka sa wa hannu. Muna roƙon ɗaki mai kulle da tebur na mutum huɗu, kuma kada a ba Akanta ko Mai Kula da Sito hutu a cikin makonnin biyu. Zan kira Manajan Kuɗi ranar Laraba 22 ga Janairu da ƙarfe goma na safe domin jin inda aka kwana a kan wasiƙun banki.

Wassalam.

Naku,
Shugaban Tawagar Bincike,
a madadin Masu Binciken Asusun Kamfani, Adum, Kumasi.