Lemun Tsamin Baba

Tun ranar da aka share makokin arba'in babu wanda ya sake waiwayar lemun tsamin nan na Baba, yana can bayan ɗaki cikin tsohon bokitin fenti da ya tsage tun daga baki har gindi, ganye duk ya kakkaɓe saboda hunturu. Inna ta ce wa Sani ya fitar da shi bola.

"Inna don Allah ki bar min shi."

"To me za ka yi da busasshen icce?"

Shiru ya yi. Ya sa farce ya ɗan kankare jikin reshen kamar yadda ya sha ganin Baba na yi, sai ga kore shar a ciki, ashe da ransa! Ya samo waya ya ɗaure bokitin tamau, amma bai toshe tsagar ƙasan ba, dama Baba ya ce saiwar lemo ba ta son ruwa ya kwanta mata. Ya datse matattun rassa, ya zuba busasshen kashin awaki, kullum da asuba ruwan alwalarsa nan yake juyewa.

Sati 5 ba labari, har ƙannensa sun fara tsokanarsa wai mai gadin bokiti.

Ran wata Laraba Inna ta je shanya, sai ta ƙwala masa kira. 'Yan ganye 3 ne, ƙanana sai sheƙi suke. Ta murza ɗaya a hankali ta shinshina yatsunta, ta daɗe a tsugune.

"Gobe ka karɓo babban baho wajen kawunka," ta ce.