Gayyatar Ɗaurin Auren Maryam da Usman da Tsarin Biki

Bismillahir Rahmanir Rahim

Iyalan Alhaji Sani Abdullahi Gwammaja da na marigayi Malam Haruna Idris Hotoro suna farin cikin gayyatar 'yan'uwa da abokan arziki zuwa ɗaurin auren 'ya'yansu, Maryam Sani Abdullahi da Usman Haruna Idris, a birnin Kano, cikin watan Rajab 1447.

Katin shafi uku ne. Wannan na Hausa ne, na tsakiya Turanci saboda abokan aikin ango da za su taso daga Legas da Fatakwal, na ƙarshe Larabci domin dangin mahaifiyarsa na Maiwurno a ƙasar Sudan. Ba ma son baƙon da ya ratso wannan nisa ya zauna a taronmu bai san abin da ake ciki ba.

Alhamis, 8 ga Janairu 2026: Kamu da sa lalle a gidan su amarya, Gwammaja, bayan sallar La'asar. Na mata ne zalla. Gwaggonnin ango ne za su kama amarya, ƙawayenta kuma sai an biya su kuɗin kamu kafin su sake ta, don haka a zo da shiri. Iyayenmu na Sudan sun ce ƙunshi da turaren wuta a bar musu, mun kuwa bar musu da murna.

Juma'a, 9 ga Janairu: Saukar Alƙur'ani da addu'a a gidan marigayi Malam Haruna, ƙarfe 4:30 na yamma.

Asabar, 10 ga Janairu: Ɗaurin aure a ƙofar gidan Alhaji Sani, ƙarfe 11:00 na safe. Don Allah a kiyaye lokaci, ɗaurin aure ba ya jiran kowa. Liman zai buɗe da huɗuba da Larabci, waliyyin amarya da wakilin ango su yi siga da Hausa, a bayyana sadaki a gaban shaidu, sannan a taƙaita komai da Turanci. Walimar maza za ta biyo baya a nan take, akwai waina da miyar taushe da kisirar mutanen Sudan. Kai amarya bayan sallar Isha'i.

Lahadi, 11 ga Janairu: Buɗar kai a gidan su ango, Hotoro, ƙarfe 4:00 na yamma.

Baƙinmu Kirista, kuna cikin gayyatar tun daga farko har ƙarshe, an kuma tanadar muku wurin zama lokacin salla. Masu sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano su sanar da Yaya Kabiru ranar isowarsu domin a tarbe su. A taho da rigar sanyi, hunturun Kano ba wasa. Muna roƙon kada a ɗauki hoton mata a wurin kamu sai da izininsu.

Wanda bai samu zuwa ba, ya sa su a addu'a: Allah ya yi musu albarka, ya haɗa su cikin alheri, ya ba da zuriya ɗayyiba. Allah ya ba da ikon zuwa, amin.

Sanarwa: Alhaji Bala Abdullahi, waliyyin amarya, a madadin iyalan biyu.