Bitar aikin asibiti bisa tsarin Gibbs: mai ciki, uwar mijinta da maganar kwanciya

Na rubuta wannan bita ne bayan kammala zaman koyon aikin ungozoma a sashen awon ciki, kuma na bi matakai shida na tsarin da Graham Gibbs ya fitar a 1988. Na sakaya sunaye don kiyaye sirrin majinyaciya.

Abin da ya faru

Wata Talata aka kawo wata yarinya 'yar shekara 19, cikin fari, wata takwas, uwar mijinta ce ta rako ta. Na auna hawan jininta na samu 165/112, bayan ta huta na sake aunawa bai sauka ba. Gwajin fitsari ya nuna furotin, ƙafafunta sun kumbura har silifas ya yi mata shaida, alamun cutar hawan jinin masu ciki da kan kai ga jijjiga. Likita ya ce a ba ta gado nan take. Da na sanar da su, tsohuwar ta ce: "'Yar nan, kumburi ai na kowace mai ciki ne. Mijinta ya yi tafiya, ba zan kwantar da matar mutum ba da saninsa ba." Na tambayi yarinyar ko kanta na ciwo, ta sunkuyar da kai ta ce lafiya lau. Na yi ta bayani kan jijjiga, tsohuwar kuwa ta miƙe tana gyara mayafi. Sai na kira sistar da ke kula da ni.

Yadda na ji

Tsoro ya kama ni, don na san jini in ya kai nan jijjiga na iya zuwa ko a cikin a-daidaita-sahu. Na kuma ji haushin tsohuwar, ina ganin ita ce ta tare hanya.

Abin da ya yi kyau da wanda bai yi ba

Awo ya tafi daidai, an kuma kira likita da wuri. Magana ce ta ƙi tafiya, har sai da sista ta zo. Ta ja yarinyar bayan labule su biyu, can ta faɗa cewa kwana uku kanta na sarawa, idonta na ganin walƙiya-walƙiya. Sista ta nemi izininta kafin ta faɗa wa kowa. Sannan ta jawo kujera ta zauna kusa da tsohuwar, ta gaishe ta da gajiya, ta ce: "Inna, me kike gudu in an kwantar da ita?" Ashe abu biyu ne: kuɗin da ke ƙulle a bakin zanenta bai wuce na mota ba, kuma a saninta duk wadda aka ba gado tiyata za a yi mata. Aka kira mijin a waya, ya ce a yi abin da ya dace. Aka fara mata maganin hawan jini da allurar magniziyom salfet mai hana jijjiga.

Nazari

Shirun yarinyar na ɗauka amsa ce, alhali kunya ce. A gidajenmu da yawa mai cikin fari ba ta buɗe baki ta yi zancen cikinta a gaban suruka, balle ta saɓa mata. Tambayar da na yi daidai ce, wurin ne bai dace ba. Ita kuma tsohuwar amana aka ba ta, in wani abu ya faru ita za a tuhuma. Bayanin haɗari da na yi ta jerowa ƙara mata nauyi ya yi, bai taɓa kuɗi ko tiyata ba, waɗanda su ne damuwarta.

Akwai abin da har yanzu yake tsaya mini a rai. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba majinyaci haƙƙin a sanar da shi halin da yake ciki da harshen da yake fahimta, a kuma riƙe sirrinsa. Yarinyar baliga ce, amincewarta ake nema, ba ta miji ba. Amma gidan nan za ta koma da zama, kuma da mun tsallake su wataƙila ba za a sake kawo ta awo ba. A ganina sista ta yi daidai saboda ta fara da yarinyar, kuma yarinyar ce ta ce a kira mijin. Da wayar ba ta shiga ba, da magani ba zai jira ba tunda ta yarda.

Abin da na fahimta

Ina da ilimin cutar, abin da ban ƙware ba shi ne gano wanda ke riƙe da shawara a iyali da abin da yake tsoro kafin in fara bayani.

Matakin da zan ɗauka

Duk mai ciki da ta zo da rakiya zan nemi ɗan lokaci da ita kaɗai, in tambayi ciwon kai, gani da ciwon saman ciki, sannan in ji wa take so a sanar. Zan zauna in saurari mai rakiya kafin in yi magana. Na roƙi sista ta sa ido a kaina a irin wannan tattaunawa a zangon ɗakin haihuwa mai zuwa, zan kuma je ofishin walwalar majinyata in san taimakon da ake ba marasa hali.