Zuwa ga Inna, ranar da ta ajiye farar riga

Garwa, 27 ga Disamba, 2025

Assalamu alaikum Innarmu,

Katin nan ya yi mana kaɗan. Kowa ya sa hannu har da mai gadi da masu shara, wuri ya ƙare ban rubuta komai ba, shi ya sa na ninke wannan takarda na cusa a ciki. 'Yan ɗakin haihuwa ne suka ɗora mini rubutun, wai ni ce kika fi yi wa faɗa, don haka ni na fi saninki.

Barka da sauke nauyi, Inna. Shekara 38 ke nan tun 1987 da kika fara sa farar riga. Rabinmu a lokacin ba a haife mu ba, kuma biyu daga cikin masu sa hannu a katin nan ke kika yanke musu cibiya. Mun yi ƙoƙarin ƙirga jariran da suka faɗo hannunki, muka ɗauko tsofaffin rajistoci, gara ta riga mu cinye na farkon. Muka haƙura. Duk mai son lissafi ya bi ki kasuwa ya ga yadda tafiyar minti goma ke zama ta awa guda, wannan ta tare ki ta nuna miki ɗanta, wancan ya sauka daga babur ya durƙusa.

Kin sha ba mu labarin 1993, shekarar da aka zaftare albashin ma'aikatan gwamnati har sau biyu, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa, kuɗin magani ya yi sama. Kin ce wasu sun bar aikin sun kama kasuwanci, kuma ba ki ga laifinsu ba. Ke kuwa kika dinga soya ƙosai da asuba, yara su kai talla, ki wanke hannu ki taho aiki. Ba ki taɓa faɗin wannan don a yaba miki ba. Kin fi kawo shi idan ɗayanmu ta fara ƙorafin aikin dare.

Ni abin da ba zan manta ba shi ne daminar 2012, daminata ta farko a wurin nan, lokacin da Binuwai ya cika ya batse aka saki ruwan madatsar Lagdo, mutanen bakin kogi suka kwashe ya-nasu-ya-nasu suka koma makarantu. Wani dare aka kawo wata yarinya a kan babur, haihuwar fari, an sa ta a tsakiya kakarta na riƙe da ita ta baya. Ta haihu lafiya, namiji. Ina can ina murna ina goge jariri, wuta ta ɗauke. Sai na ji muryarki cikin duhu, a hankali, kin ce, "Auta, ajiye shi a ƙirjin kakarsa, zo ki riƙe mini tocila." Da na haska sai na ga jini ya jiƙe zanen har yana ɗiga ƙasa. Hannuna ya kama rawa, hasken yana yawo a bango. Ba ki daka mini tsawa ba. Kika kama hannuna ɗaya kika ɗora a marar yarinyar, kika ce in ji yadda mahaifar ta saki ta yi laushi, kika danna hannunki a kan nawa muka yi ta murzawa. Kin yi mata allurar tsayar da jini, kin sa mata ruwa, kin sake ɗauko mabiyiya kin duba ko wani yanki ya saura a ciki, duk kina yi mata hira da Fillanci don kada ta lumshe ido. Can na ji mahaifar ta dunƙule ta yi tauri a ƙarƙashin tafina. Kika ce, "Kin ji? Haka ake so ki bar ta." Yaron nan yanzu shekararsa 13. Har yau duk matar da na karɓi haihuwarta, sai na kai hannu mararta kafin in ɗauki biro.

Faɗanki ma mun gode. Wanda ya bar almakashi ba a dafa ba ya san sauran. Amma mun lura tsawarki a kanmu take ƙarewa, ba ta taɓa sauka kan mai naƙuda ba, ko ta zo ba katin awo, ko ta kwana biyu a gida tana fama kafin a kawo ta. Kin ce wadda aka kunyata yau, gobe a ɗaka za ta haihu.

Sai kuma yaƙinki da kakanni, wanda ni a ganina ya fi komai wuya. Ki zauna da tsohuwa a kan tabarma, ki fara da tambayar ƙafarta da ke ciwo, sai can ki gangaro kan dakashi, cewa ba ƙazanta ba ne, kada a matse a zubar. Ki roƙe ta a rage kanwa a kunun mai jego, a sassauta zafin ruwan wanka. A watan Afrilu, ana zafin Garwa da kowa ya sani, ki shawo kanta ta yarda jariri zai yi wata shida a kan nono zalla ba a ɗura masa ruwa ba. Mu mukan karanto abin da ke takarda a yi mana shiru. Ke sai an yi dariya an tashi, kuma a aikata.

Zamani ya sauya a gabanki ba ki tsaya baya ba. Da aka kawo cekin lafiya na sefa 6,000 ga masu ciki, ke kika bi gidajen suna da islamiyyu kina bayani har mazaje suka gane. Da rigakafin zazzaɓin cizon sauro ya shigo a Janairun 2024, jikarki kika fara kawowa layi don masu shakka su gani. A 2020 mun riga mun fara haɗa kuɗin walimar sallamarki, sai dokar watan Yuli ta mai da shekarun ritayar irinku 60. Kin yi tsaki, mu kuwa muka yi ta murna a ɓoye. Yau dai babu wata doka da za ta cece mu.

To Inna, ga abin da muke so ki yi da hutun nan. Ki yi barcin dare, tun daga isha'i har kiran assalatu, waya a kashe. Gonar gyaɗar nan ta hanyar Pitowa da kike ta cewa sai kin huta, ga lokacinta ya zo, amma ki sa yara su yi noman, ke ki zauna a inuwa ki ba da umarni, tunda kin iya. Ki je Ngaundare ki daɗe wurin jikoki, ki sha sanyin can. Haddar da kika tsaya a izu 20, Allah ya ba ki ikon kai ta ƙarshe. Kujerar Makka da kike tari dominta, Allah ya kira ki bana ko baɗi. Takardun fansho kuma Allah ya sa su fito da wuri, ya sa albarka a abin da za a riƙa ba ki.

Roƙo ɗaya: mun san matan Hausare za su fara ƙwanƙwasa miki ƙofa da tsakar dare, kuma mun san ba ki iya cewa a'a ba. Don Allah ki turo mana su. Gwiwarki ta yi aikinta. Ranar Talata kuwa, ranar awo, idan kin ji kewa ki leƙo, kujerarki ta bakin taga tana nan, ba mai zama a kai.

Abin da muka yi miki ba daidai ba cikin shekarun nan, da saninmu da rashin saninmu, ki yafe mana. Mu ba mu riƙe ki da komai ba. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa abin da hannunki ya yi ya tarar da ke a mizani, ya jiƙan Baba da ya yi ta rako ki aikin dare a kan kekensa.

Atamfa da darduma daga mu duka ne. Tunkiyar da za a kawo miki gobe, masu shara da mai gadi ne suka haɗa kuɗinta, sun ce kada in faɗa.

Autarki,
a madadin 'yan ɗakin haihuwa

Af, na manta: makullin kabad ɗin safar hannu yana cikin jakarki. Ki aiko da shi, mun duba ko'ina.