Jerin waƙoƙin walimar Inna, don Allah kar wanda ya tura mata

Salam ya jama'a, ga jerin nan na gama haɗawa, kowa ya karanta har ƙasa kafin ya fara a ƙara kaza a cire kaza. Bashir kai ne mai sifika, ranar Juma'a ana idar da isha'i ka kasance a istirahar Harazat, kuma ka sauke komai a wayarka tun daga gida don sabis ɗin wurin ba abin dogaro ba ne. Yadda na jera su haka za ka sa su, da dalili na yi.

Kun dai gani da idonku, tunda muka baro Madani a Disambar 2023 Inna ba ta ƙara rera komai ba, matar da ko albasa take yankawa bakinta na motsi, yanzu sai carbi da kallon taga a shaggar Hindawiyya nan Jidda. Ni burina a daren nan ta yi dariya ta tashi ta taka, kuka kuwa dole za a yi amma wuri ɗaya na ware masa a tsakiya, daga nan sai mu fito da ita. Ita dai ta san Yaya Usman ya gayyace mu cin abinci, shikenan. Ba za ta kawo a ranta walimar cikarta shekara 60 ce ba tunda fasfonta 1/1/1965 ya ce kamar na rabin tsofaffin Sudan, amma Habboba ta sha faɗa mana lokacin yankan riɗi ta haife ta, to mun bi maganar Habboba.

1. Ɗala'al Badru Alaina
Wannan ba daga waya ba, jikoki ne za su yi da bakinsu tana shigowa ƙofa, Hanan ta riƙe dufi. Da waƙar tarbar Manzon Allah (SAW) nake so a buɗe don albarka, kuma Kawu Isa da yake ta cewa shi bai san wani bikin ranar haihuwa ba hankalinsa zai kwanta, walimar godiya ce ga Allah da Ya bar mana ita shekara 60. Yara ku yi haƙuri da ƙaramin Mu'az ko ya ɓata baiti ku bar shi a gaba, shi za ta fara nema da ido.

2. Misral Mu'ammana, Aulad al-Bur'i
Madahun Shehu Bur'i na Zariba ta Kurdufan, Allah Ya jiƙansa. Duk safiyar Juma'a a gidanmu na Madani wannan ne ke tashi tare da hayaƙin bakur, tana shara tana amsawa. Ka sa shi ƙasa ƙasa lokacin da take zagayawa tana gaisawa da mutane.

3. Na Tsaya Ga Annabi Muhammadu, Mamman Shata
Ta Baba ce wannan, Allah Ya kai rahama kabarinsa. Kaset ɗin wani alhaji ɗan Kano ne ya ba shi, ya saurara har zaren ya tsinke ya ɗaure da salatif ya ci gaba. Inna kullum tana masa ƙorafin kalangu ya cika mata kunne amma in ya fita kasuwa ita ke mayar da kaset ɗin baya ta kunna, ni da Yaya Usman shaida ne. Na sa ta da wuri tun kafin abinci saboda maza su ji, daga nan za su koma ɓangarensu da agashensu su bar mu.

4. Izzayakum, Sayyid Khalifa
Lokacin da ake shimfiɗa sufura. Waƙar gaisuwa ce da kewar juna, kuma ba Basudane ɗaya a wurin da ba zai amsa ba, har Gwaggo Zainabu da ba ta son hayaniya. Akwai matan da za su zo daga Makka waɗanda Inna ba ta gani ba tun kafin yaƙi, to wannan ta ishe su.

5. Simsim al-Gadarif, A'isha Fallatiya
To nan ne zuciyar jerin gaba ɗaya, Bashir in an zo nan ka ƙara murya kuma kowa ya ajiye cokali. Ku ƙanana da kuka tashi da wayoyi ba lallai kun san ta ba, A'isha Musa Ahmad sunanta, tamu ce, ƴar malami ce daga cikin mutanenmu da suka zo daga yamma suka zauna a Sudan, kuma ita ce macen da ta buɗe wa mata ƙofar waƙa a rediyon Omdurman tun a shekarun 1940 lokacin da mace ta tsaya gaban makirfo abin magana ne babba. Ta yi waƙa da Larabci ta yi da Hausa. A 1974 ta rasu, lokacin Inna tana ƴar shekara 9 a Gadarif, kuma Inna ta ce min ranar matan unguwarsu zama suka yi kamar an yi musu rasuwa a gida.

Na zaɓi ta riɗin Gadarif ne saboda riɗin nan shi ya raine mu. Da shi Inna take kantu, ta soya riɗin a babban kasko har ya fara tsalle, ta zuba narkakken sukari, ta baza a faranti ta shafa wa wuƙa mai ta yanka tun da zafinsa, mu kuma muna tsugune muna jiran gutsattsarin gefe. Tabon ƙunar da ke bayan hannunta na dama daga nan ne. Kuɗin makarantar Yaya Usman da nawa da na Hanan duk daga farantin nan suka fito, kuma duk inda ake ce mana Fallata da wata irin murya, Inna sai ta ce ai mai waƙar rediyo ma Fallatiya ce ku ɗaga kanku. Gwaggo ta yi alkawarin yin kantun ranar, a shigo da shi daidai lokacin da waƙar ke tashi.

6. Muryar Habboba
Minti biyu da ƴan kai ne kawai. Wani tsohon kaset ne da Habboba ta aiko wa Kawu Isa nan Jidda tun yana saurayi, a ƙarshensa bayan gaishe gaishe ta manta ba ta kashe rikoda ba tana waƙar daka, ana jin taɓarya ana jin akuya a bayanta. Kawu ya kai an juya shi zuwa waya, akwai shuuu a ciki amma muryar ta fito sarai. Inna ba ta san yana nan ba. Hanan ki zauna kusa da ita, ki riƙe mata hannu, kar wanda ya ɗaga waya yana bidiyo a nan don Allah, wannan namu ne.

7. Ummi Allah Yisallimik, Kamal Tarbas
Tana biye da ta Habboba ba tsayawa. A nan za mu tashi mu ƴaƴanta mu biyar mu je gabanta ɗaya bayan ɗaya, Yaya Usman ya shigo daga ɓangaren maza ya yafa mata sabon tobun, sai kek. Hanan ta so a sa Sittil Habayib ta Fa'iza Ahmad, kyakkyawa ce ban musa ba amma waƙar uwa ɗaya ta isa, in aka jera biyu wallahi har asuba ba za a daina share hawaye ba, kuma ta Tarbas ce take sani baiti baiti.

8. Ku Kama Sana'a Mata, Barmani Choge
Bashir kar ka bar ko numfashi tsakanin ta bakwai da wannan, kuma kana kunnawa ka miƙa wa Hanan wayar ka fita, fili na mata ne. Amada ce, kiɗan ƙwarya na matan Funtuwa, kuma maganar da ke ciki ita ce wa'azin Inna gare mu tun muna yara, mace ta nemi na kanta. Na sayi ƙwarya biyu a wajen masu kayan Najeriya, za mu kifa ɗaya a baho da ruwa Gwaggo Zainabu ta kaɗa da ludayi kan waƙar. Indai Gwaggo ta fara na san Inna ba za ta iya zama ba, tare suka yi ƴanmatanci, ko ba ta tashi da kanta ba Gwaggo za ta ja ta. In ta tashi ku yi guɗa da ƙarfi kuma a maimaita waƙar sau biyu ko uku, kar a yi sauri a wuce.

9. Mambo Sudani, Sayyid Khalifa
Tunda an riga an tashi. Ba sai na yi bayani ba, da ita aka yi rawa a bikin kowannenmu.

10. Jaruma, Hamisu Breaker
Ta ƴanmata ce, sun dame ni a kanta. Na yarda saboda a 2020 lokacin kullen korona Inna ta kama Safiya tana rawarta a kicin ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, to Safiya ki shirya za ki maimaita. Guda ɗaya ce tak, sauran na zamani ku bari sai Inna ta gaji ta zauna.

11. Magadir, Talal Maddah
Lokacin jabana, an gaji an zazzauna ana soya bunni. Na sa ta don maƙwabciyarmu Ummu Fahad, matar nan tun ranar da muka sauka a ginin ta shigo da tire a hannu kuma ita ke raka Inna asibiti in muna wajen aiki, ya kamata ta ji an tuna da ita da waƙar ƙasarsu.

12. Saƙonnin murya
Daga Gadarif, Mai Wurno, Bur Sudan, da Yaya Amina daga Alƙahira. Na roƙi kowa minti ɗaya, addu'a da labari mai daɗi, ban da lissafin wanda ya rasu da gidan da aka fasa, wannan tana jinsa kullum. Na Kawu Haruna ya iso kuma yana ba da labarin ranar da Inna ta kori ɓarawon kaji da muciya, shi za mu sa a ƙarshe. Daga nan Kawu Isa ya rufe da addu'a.

Waɗanda na cire da gangan, Aɗɗairul Muhajir ta Wardi da Ya Waɗani ta Sayyid Khalifa. Ina son su kamar yadda kuke son su amma duk mun ga yadda take yi in ta ji su, sai ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, ba a wannan daren ba. Don Allah ko wani baƙo ya roƙa ku ce babu a wayar.

Wanda bai turo saƙon muryarsa ba ya turo min kafin daren Laraba, ni kaɗai a gefe ba a guruf ɗin gida ba don tana ciki. Kuɗin istiraha saura riyal 300, Yaya Usman ke karɓa. Safiya ke kuma ki daina yi mata murmushi duk sanda kika wuce, ta fara tambayata ko lafiya.