Rajistar Kwamfutoci da Wayoyin Ofis: Ƙidayar Janairu 2026

Zuwa ga Manaja, daga jami'in sito. Ranar ƙidaya: 12 Janairu 2026.

Ranka ya daɗe, ga lissafin kayan da ke hannun ma'aikata da waɗanda ke ajiye. Ban da ta wayar W-04 da ba a gani ba, kowace lambar siriyal daga jikin na'urar aka kwafo ta, sannan aka gwada da rasit. Inda takardar jikin kwamfuta ta goge, an ciro lambar da wannan umarni a PowerShell, manhajar rubuta umarni ta Windows:

```
Get-CimInstance Win32_BIOS | Select-Object SerialNumber
```

KWAMFUTOCI

K-01. Dell OptiPlex 3050, ta tebur. Siriyal: 7KQ2XM2. Mai amfani: mai karɓar baƙi. An saya: 6 Maris 2018. Tana aiki, amma da nauyin jiki, kuma fankarta na ƙara.

K-02. Dell OptiPlex 3050, ta tebur. Siriyal: 9BQ2XM2. Mai amfani: kashiya. An saya: 6 Maris 2018. Lafiyarta ƙalau a ido, sai dai ita da K-01 duk Windows 10 suke kai, kuma Microsoft ya daina tallafa masa tun 14 Oktoba 2025. Furosesarsu Intel ce ta zubi na 7, ba ta cikin waɗanda Windows 11 ke karɓa. A ganina wannan ce ta fi gaggawa, tunda a kanta ake shigar da kuɗin da ke shigowa kullum. K-01 na iya jira.

K-03. HP ProBook 450 G8, laftof. Siriyal: 5CD1274KQX. Mai amfani: akanta. An saya: 18 Oktoba 2021. Batirin ya kumbura har ya ɗago wurin taɓawa na maus, murfin ma ba ya rufuwa daidai. Na karɓe ta ranar ƙidaya, na cire ta daga caji, tana sito. Kada kowa ya kunna ta sai an sauya batir, domin kumburarren batir na iya kama wuta. An ba akanta aron K-06.

K-04. HP ProBook 450 G8, laftof. Siriyal: 5CD1274KRB. Mai amfani: sakatariya. An saya: 18 Oktoba 2021. Lafiya. Harafi ɗaya na kibod ya fita.

K-05. Lenovo ThinkPad E14, laftof. Siriyal: PF3B7KXD. Mai amfani: Manaja. An saya: 9 Mayu 2022. Lafiya lau.

K-06. Lenovo ThinkPad E14, laftof. Siriyal: PF3B7M2A. Ta ajiya ce, yanzu tana aro a hannun akanta. An saya: 9 Mayu 2022. Lafiya, amma cajarta ta asali ta ɓace, da wata ake amfani.

K-07. HP Pro Tower 290 G9, ta tebur. Siriyal: 4CE3114MBN. Mai amfani: jami'in sito. An saya: 21 Yuni 2023. Lafiya.

WAYOYI

Lambobin IMEI, masu lamba 15, ana ganinsu idan aka danna *#06#. Ban sa su a nan ba saboda takardar na yawo hannu hannu. Suna cikin fayil ɗin da ke kulle a sito.

W-01. Samsung Galaxy A15. Siriyal: R58X21KD4TB. Mai amfani: Manaja. An saya: 15 Afrilu 2024. Lafiya.

W-02. Samsung Galaxy A14. Siriyal: R58W41KX2TD. A rajista: jami'ar hulɗa da kwastomomi. An saya: 3 Yuli 2023. Gilashin ya tsage ta kusurwar sama, amma tana taɓuwa.

W-03. Samsung Galaxy A14. Siriyal: R58W41KX9LM. A rajista: direba. An saya: 3 Yuli 2023. Lafiya. Ita da W-02 an same su a musanye: tun watan Satumba masu su suka yi canji a tsakaninsu ba tare da sanar da sito ba, wai don kada kwastoma ya ga fasasshiyar waya. Dalilin ba laifi, amma da ɗaya ta ɓace, wanda bai ji ba bai gani ba za a tuhuma. Na gyara rajista, kowa ya sa hannu a kan wadda ke hannunsa: W-02 direba, W-03 jami'ar.

W-04. Samsung Galaxy A12. Siriyal: R58R30HB7QN. A rajista: masinja. An saya: 11 Fabrairu 2021. Ba a gan ta ba. Masinjan da ya bar aiki a Nuwamba ya ce ya miƙa ta, amma babu takardar miƙawa, kuma ba ta sito. An toshe layin ofis da ke cikinta.

Jimilla: kwamfutoci 7, wayoyi 4. An ga 10 da ido, 1 ba a gani ba.

Ina neman amincewarka a kan sayen batirin K-03, sauya K-02 kafin ƙarshen Maris, da rubuta wa tsohon masinja takarda game da W-04. Ina kuma roƙon a umarci sashen ma'aikata kada su sallami kowa sai sito ya sa hannu cewa ya dawo da kayan da ke hannunsa.

Jami'in sito ya tattara, akanta ta duba ta gwada da rasit.