Ƙa'idar sashenmu kan ɗauko laburaren waje da sabunta su

Zuwa ga masu rubuta kod a ɓangaren manhajar waya da ɓangaren sabar.

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Litinin mai zuwa wannan takarda ce za mu bi a duk lokacin da wani zai ƙara laburare a manhajarmu ta rubuta ciniki da bashi, ko zai ɗaga sigar wanda muke da shi. Na rubuta ta ne saboda mun ƙaru, kuma abin da a da muke faɗa wa juna da baki yanzu ba ya isa kunnen kowa.

Ku fara da buɗe `package.json` na sabar. Sunayen da muka sa da hannunmu ba su kai hamsin ba. Sannan ku buga `npm ls --all` ku ga yadda jerin ke gangarowa har ya wuce allon sau da yawa. Duk waɗancan kod ne na mutanen da ba mu taɓa gani ba, kuma yana gudana da iko iri ɗaya da namu: yana iya karanta `process.env`, yana iya taɓa rumbun bayanai, yana iya aika saƙo waje. A cikin rumbun nan kuwa akwai lambobin wayar 'yan Kantin Kwari da Singa, da sunan wanda ake bi bashi da nawa ake bin sa. Amana ce suka ba mu, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 mu za ta tambaya, ba marubucin laburaren ba. Don haka ƙa'idar farko ita ce ta gidan kowa: wanda ya kawo baƙo shi ya san inda ya samo shi. Duk wanda ya ƙara laburare zai rubuta sunansa a fayil ɗin `DEPENDENCIES.md` kusa da sunan laburaren, da dalilin kawo shi a layi ɗaya, kuma shi za a nema ranar da ya ba da matsala.

Kafin ka ɗauko

Tambayi kanka ko Node bai riga ya ba ka abin ba. Tun daga siga ta 18 akwai `fetch` a ciki, akwai `crypto.randomUUID()`, akwai `Intl.NumberFormat` mai tsara maka naira da waƙafinta. Idan aikin layi ashirin ne, rubuta shi, ka rubuta masa gwaji. A watan Maris na 2016 marubucin `left-pad`, kod mai layi 11 kacal, ya cire shi daga npm, sai ginin Babel da dubban ayyuka ya tsaya cak. Amma kada a juya wannan maganar: ɓoye kalmar sirri, lissafin lokaci tsakanin ƙasashe, tantance shiga, waɗannan ba ma rubuta namu. A nan laburaren da idanu da yawa suka bi ta kansa ya fi ƙwazon kowa a cikinmu.

Idan ka tabbata ana bukata, kada ka fara da `npm install`. Fara da kallo:

```
npm view <suna> repository.url license maintainers
npm view <suna> time dependencies scripts
```

Sunan kansa ka karanta shi harafi bayan harafi, ka kwafo shi daga shafin masu laburaren, ba daga ƙwaƙwalwarka ba. A 2017 an kama `crossenv` yana satar bayanan `process.env`, ya fake da kamannin `cross-env` na gaskiya, bambancinsu ɗan layi guda.

Sai ka duba mutanen da ke bayansa, kuma nan nake so ku fi daɗewa. Yawan taurari da yawan saukewa ba sa gaya maka wanda ke riƙe da mabuɗin wallafawa a yau. `event-stream` ana sauke shi kusan sau miliyan biyu a mako lokacin da marubucinsa, Dominic Tarr, wanda ya daina amfani da shi, ya miƙa shi ga wani da ya nemi ya taimaka. Sabon mai riƙon ya fitar da siga 3.3.6 da wani ƙaramin laburare a ciki, `flatmap-stream`, wanda aka ɓoye wa kod na satar kuɗi daga jakar bitkoyin ta Copay. Sai a Nuwamba 2018 aka gano. Na xz ya fi wannan tayar da hankali: wanda ke amfani da sunan Jia Tan ya shafe kimanin shekara biyu yana gyare-gyare na kirki har aka yarda da shi, sannan ya dasa ƙofar baya a siga 5.6.0 da 5.6.1. Andres Freund ne ya bankaɗo ta a Maris 2024, saboda ya lura shiga ta SSH na cin lokaci fiye da kima. Ba na tsammanin za mu kama irin wannan da idonmu. Abin da za mu iya gani shi ne alamomin waje: mutum ɗaya ne tilo ke riƙe da shi? Ya canza hannu kwanan nan? Akwai ƙorafe-ƙorafen tsaro da aka bari ba amsa? Laburaren da ya yi shekara biyu shiru sannan kwatsam ya fito da siga uku a mako guda, a dakata da shi.

Shiru kaɗai ba laifi ba ne, ƙaramin abu yana iya kammaluwa. Amma idan masu shi da kansu sun ce sun daina, kamar `request` tun Fabrairu 2020, ko sun ce kada a fara sabon aiki da shi, kamar `moment`, to mu ji maganarsu.

Duba `scripts` ɗinsa. Idan akwai `preinstall` ko `postinstall`, wannan kod ne da zai gudana a kwamfutarka tun kafin ka kira laburaren ko sau ɗaya, kwamfutar da mabuɗan sabar ke ciki. Ta wannan hanyar `ua-parser-js` ya dasa wa mutane manhajar haƙar kuɗin kirifto da mai satar kalmar sirri a Oktoba 2021, bayan an ƙwace asusun mai shi. Saboda haka shigarwar farko da `--ignore-scripts` za a yi ta, a karanta abin da rubutun ke yi, sannan a bar shi ya gudana.

Lasisi: MIT, ISC, BSD da Apache-2.0 ku wuce da su. GPL ko AGPL, ko wanda ba shi da lasisi sam, ku zo mu zauna tukuna. Ga 'yan ɓangaren waya kuma akwai ƙari biyu. Ku gwada girman APK kafin da bayan, domin yawancin masu amfani da mu ƙananan wayoyi ne da su, kuma da kuɗinsu suke sayen data. Ku kuma buɗe `AndroidManifest.xml` da aka haɗa bayan gini ku ga ko laburaren ya shigo da neman izinin da ba mu nema ba. Idan manhajar rubuta bashi ta fara neman izinin sanin inda mutum yake, Alhaji zai goge ta, kuma yana da gaskiya.

Mutum biyu ne za su amince da sabon laburare, ɗaya daga cikinsu ba daga ɓangaren mai kawowa ba.

Kulle siga

`package-lock.json` yana shiga git kullum, kuma ba a goge shi don a kashe rikicin haɗa rassa. A sabar gini da ta aiki `npm ci` kaɗai aka yarda da shi, domin shi yana shigar da ainihin abin da ke kulle, idan kuma fayilolin biyu suka saɓa sai ya tsaya. Na sa `save-exact=true` a `.npmrc`. Dalili: `^1.4.0` na nufin ka yarda da duk abin da ya fito ƙasa da 2.0.0, bisa alkawarin marubuci cewa ba zai karya komai ba. A Janairu 2022 mai `colors` ya fitar da sigar da ke shiga zagaye marar ƙarewa da gangan, kuma waɗanda ba su kulle ba suka kwasa. Ku tuna kuma siga mai farawa da 0 ba ta ɗauki wannan alkawari ba ma tun asali.

Sabuntawa

Tsoron sabuntawa shi ma haɗari ne, har ya fi zama ruwan dare. Gyaran ramin Apache Struts ya fito a Maris 2017, Equifax ba ta sa shi ba, aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147. Lokacin Log4Shell kuma, a Disamba 2021, waɗanda suka fi shan wuya su ne waɗanda ba su ma san Log4j na cikin kayansu ba. Mu za mu riƙa tafiya kaɗan-kaɗan, a kai a kai, don kada ranar gaggawa ta same mu da tazarar manyan sigogi uku.

Talatar farko ta kowane wata, mai juyin wannan watan zai buga `npm outdated` da `npm audit`. Ƙananan gyare-gyare na kayan gwaji da na gini ana iya haɗa su wuri guda. Duk abin da ke gudana a hannun mai amfani kuwa, laburare ɗaya, reshe ɗaya, domin idan abu ya lalace mu san wanda za mu janye. Babbar siga tana da nata tikiti da nata lokaci, kuma sai an karanta bayanin canje-canjen daga sigar da muke kai har wadda za mu je, ba ta ƙarshen kaɗai ba. Inda bayanin bai gamsar ba, a duba bambancin kai tsaye:

```
npm diff --diff=<suna>@2.3.1 --diff=<suna>@2.4.0
```

Sabuwar siga sai ta kwana bakwai a duniya kafin mu ɗauka. A Satumba 2025 an yaudari mai riƙe da `chalk` da `debug` da saƙon imel na bogi, aka wallafa sigogi masu guba, aka kuma sauke su cikin 'yan sa'o'i. Wanda ya jira ko kwana ɗaya bai gan su ba. Gyaran tsaro na ramin da ya shafe mu kai tsaye ba ya jiran kwana bakwai, ranar za a duba shi mu biyu a sa.

Na haramta `npm audit fix --force` a wannan aiki. Yana iya tsallakawa da kai babbar siga ba tare da ka karanta komai ba. Idan `npm audit` ya yi ja, buga `npm explain` da sunan laburaren ka ga ta ina ya shigo, ka tantance ko kod ɗinmu na bi ta wurin da ramin yake. Idan yana can ƙasa kuma na samansa bai gyara ba, a yi amfani da `overrides` a `package.json`, a rubuta dalili da ranar da za a sake dubawa.

Gwaji ya yi kore bai wadatar ba ga abin da ya taɓa kuɗi ko kwanan wata. A ɗauki tsohuwar wayar gwaji da ke cikin durowar ofis, a kashe mata data, a rubuta ciniki, a karɓi rabin bashi, a kunna data a ga ko lissafin ya daidaita da sabar har kwabo. Sabar muna iya mayar da ita baya cikin mintuna. Manhajar waya ba haka take ba: wanda ya riga ya sauke ya sauke, sai dai mu dakatar da rabawa mu fitar da wata mai `versionCode` mafi girma. Don haka a Play Console za mu fara da kashi 5 cikin ɗari, mu kalli rahoton faɗuwa kwana biyu, sannan mu ƙara. Ba ma fitar da sabuntawar laburare ranar Juma'a, ba ma fitarwa a goman ƙarshe na azumi ko makon Babbar Sallah, lokacin da ɗan kasuwa ba shi da ko minti ɗaya na jiran manhaja.

Juyin watan farko nawa ne, kuma zan fara da cire `moment` daga ɓangaren waya. Wanda ke da gyara kan wannan takarda ya kawo shi zaman Alhamis bayan La'asar, kafin mu sa ta cikin ma'ajiyar kod.

Na gode, Allah ya taimake mu.

Jagoran sashen fasaha